Kafin a Kai wa Malam Take: Yadda Rukunin Ɗalibai Zai Zaɓi Binciken da Zai Iya Kammalawa

A kwalejojin kimiyya da fasaha na Nijeriya, ɗalibin da ya kai shekara ta biyu ta ƙaramar difloma ba ya karɓar takardar shaida sai ya yi aikin bincike, wanda ɗalibai ke kira furojek. Da yake ɗalibai sun yi yawa, malamai da kayan aiki kuma ba su wadata ba, sassa da dama ba sa ba kowa nasa aikin. Sai dai a wayi gari a ga takarda liƙe a allon sanarwa, an raba aji rukuni-rukuni, mutum biyar ko shida ko fiye, galibi bisa jerin lambar rajista. Kowane rukuni a haɗa shi da malamin da zai duba aikin, a ce su kawo take uku a zaɓar musu ɗaya.

Lambar rajista ba ruwanta da halin da kowa yake ciki. Tana iya haɗa matar aure mai goyo da saurayin da ke kwana a makaranta, ta haɗa mai tsaron shago da wanda ba shi da wani aiki sai karatu. Zaman farko da suka yi, a gindin bishiya ko a ajin da babu kowa, tambayar da ake fara jefawa ita ce: “To, me muke so mu yi?” Daga wannan tambaya yawancin wahalar da za a sha take farawa. Sha'awa tana da gurbinta, amma ba ita ke kai aiki ƙarshe ba. Abin da ke kai shi ƙarshe shi ne awannin da mutanen nan suke da su da gaske, da kuma yadda aikin zai rabu a tsakaninsu ba tare da ya rataya a wuyan mutum ɗaya ba. Don a ga yadda ake auna wannan, bari mu ɗauki misalin rukuni guda a sashen fasahar ɗakin gwaje-gwaje, mu bi su mataki-mataki.

A fara ƙirga awanni

A ce su biyar ne. Na farko ya yi horon sanin makamar aiki na SIWES, wata huɗun nan da ake yi tsakanin shekara ta ɗaya da ta biyu, a ɗakin gwajin ruwa, don haka hannunsa ya faɗa da kayan aiki. Yana kwana a makaranta, amma akwai darussa biyu da yake maimaitawa. Ta biyu matar aure ce mai goyo, ta fi kowa iya rubutun Turanci, sai dai da la'asar dole tana gida. Ta uku gwanar lissafi ce, kuma ita kaɗai ke da kwamfuta. Na huɗu yana tsare wa yayansa shago da zarar an tashi daga aji, yana da babur, ya san gari, ya iya magana da jama'a. Na biyar daga ƙauye yake, kowace Juma'a yana tafiya gida saboda gona, sai Lahadi da yamma ya dawo.

Kafin a ambaci take ko ɗaya, kowa ya ɗauki takarda ya rubuta ranakun mako, ya cire lokacin aji, da na aiki, da na hidimar gida, da na tafiya, ya ga abin da ya rage. Ba a son a ji “zan yi ƙoƙari” ko “in sha Allahu ba matsala” a nan; lamba ake so. A misalinmu, gwanin ɗakin gwaji ya samu awa 8 a mako, gwanar lissafi 6, mai goyo 5, ɗan ƙauye 5, mai shago 4. Jimla awa 28 ke nan a mako.

Sai a ƙirga makonni. A tsarin hukumar NBTE mai kula da waɗannan kwalejoji, zangon karatu yana da mako 15 na koyarwa. Amma ba duka ne na bincike ba. Mako biyu na farko sukan tafi wajen neman amincewar take. Ukun ƙarshe kuwa na gyare-gyaren malam ne, da bugawa, da ɗaure littafin, ga gwaje-gwajen aji sun taso kowa ya koma karatu. Abin da ya rage mako 10 ne, wato awa 280 ga rukunin baki ɗaya.

Ko wannan ma bai kamata a yarda da shi duka ba. A shekarar 1994 wasu masana halayyar ɗan Adam a Kanada, Roger Buehler da Dale Griffin da Michael Ross, sun tambayi ɗaliban ajin ƙarshe na jami'a kwana nawa suke ganin za su ƙara kafin su miƙa kundin bincikensu. Matsakaicin amsarsu kwana 34 ne. Da aka ce su faɗi yadda za ta kasance idan komai ya dagule musu, sai suka ce kimanin kwana 49. Da aka bi diddigi, sai da suka kwashe kwana 55 da rabi. Wato abin da ya faru ya zarce ma mummunan zaton da suka yi. Saboda haka rukunin da yake son kansa da arziki ya zaftare kashi ɗaya cikin uku na awanninsa tun daga farko, ya bar shi don jiran malam, da ɗaukewar wuta, da zazzaɓi, da rasuwa ko biki a dangi. Daga 280 sai a koma kimanin 187. Idan azumi ko hutun Sallah ya faɗo cikin zangon, ko ana rade-radin yajin aiki, a ƙara ragewa.

Akwai lamba ta biyu da ta fi wannan tsanani. Idan aka jera takardun nan biyar aka duba lokacin da kowa da kowa yake da sarari a tare, ba mamaki a tarar awa biyu ne kacal a mako, watakila Laraba tsakanin ƙarfe sha biyu da biyu. Duk taken da yake bukatar su biyar ɗin su tsaya wuri ɗaya na dogon lokaci ya riga ya faɗi tun kafin a rubuta shi.

Dalilin da ya sa jimlar awanni kaɗai ba ta isa ba shi ne, aikin bincike ba gayyar noma ba ce. A gayya kowa fartanya ɗaya yake riƙe da ita, idan wani ya gaji na kusa da shi ya ƙarasa masa kunyarsa. A bincike kuwa awar mai shago ba ta maye gurbin awar gwanin ɗakin gwaji. Don haka kowane take sai an tambaye shi abu biyu: awa nawa yake ci, kuma awannin wa yake ci?

Take uku a kan ma'auni

Rukuninmu sun yi sa'a duka hankalinsu ya karkata ga ruwan sha, suka fito da take uku. Gwanin ɗakin gwaji yana son a auna ƙwayoyin cuta a rijiyoyi 20 na wasu unguwanni. Mai shago yana son a zaga gidaje da takardar tambayoyi a kan yadda ake ajiye ruwan sha. Ɗan ƙauye ya kawo shawarar a gwada garin ƙwayar zogale da alif, a ga wanne ya fi kwantar da lakar ruwa.

Taken rijiyoyi shi ya fi daɗin ji, kuma yana da amfani na gaske, domin ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu ƙwayar E. coli ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha. Amma a duba abin da aikin ya ƙunsa. Hanyar da aka fi koyarwa a makarantu tana cin kwalaben gwaji 15 a kan ruwan rijiya ɗaya, ke nan rijiya 20 kwalba 300. Kowace kwalba da abincin ƙwayoyin da ke cikinta sai an dafa su a tukunyar matsi a kan zafin digiri 121 na minti 15. Ruwan da aka ɗebo ana so ya iso ɗakin gwaji cikin kamar awa shida, a cikin sanyi. Bayan an zuba shi, kwalaben za su zauna a na'urar ɗumama a kan digiri 35 zuwa 37, a duba su bayan awa 24, a sake dubawa bayan awa 48. Idan aka ɗauke wuta tsakar dare babu janareto, sakamakon wannan zagayen ya zama abin shakka. Idan kuma aka fara ranar Alhamis, dubawa ta biyu za ta faɗo Asabar, ɗakin gwaji a kulle.

A ce kwalabe 60 ne sashen zai iya ba su a lokaci guda. Rijiya huɗu ke nan a zagaye ɗaya, zagaye biyar kafin a gama. Idan aka ƙiyasta kowane zagaye zai ci awa 10 na wanda ya iya aikin, daga shirya kaya zuwa wanke su, awa 50 ake magana, ban da gwajin tabbatarwa da ake yi wa kwalaben da suka nuna alama. Gwanin nan awa 80 yake da su a mako 10, bayan an zaftare kashi ɗaya cikin uku saura 53. Lissafin ya shiga da ƙyar, amma babu wurin kuskure ko ɗaya, kuma ba a koya wa mutum aiki da ƙwayoyin cuta ba tare da gurɓata samfuri ba a yini guda. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, mutum huɗu sun zauna. Wannan ita ce alamar farko ta taken da bai dace da rukuni ba: fiye da rabin aikinsa hannu ɗaya ne kawai zai iya yi.

Taken tambayoyi kuwa kowa yana ganin shi ne mai sauƙi, tunda ba ya son wuta ko na'ura. Ɗalibai a Nijeriya sun saba fitar da yawan mutanen da za a tambaya da tsarin lissafin Taro Yamane:

```
n = N / (1 + N × e²)
```

Idan unguwar tana da gida 400, kuma aka yarda da kuskuren kashi 5 cikin 100, amsar ita ce gida 200. A ba kowane gida minti 25, har da sallama da gaisuwa da bayanin abin da ya kawo ku da tafiya zuwa gida na gaba, sai a samu awa 83. Idan aka raba wa mutum biyar ba wani abu ba ne. To amma wa ya san yadda ake wanke randa, da inda ake ajiye moɗa, da kwana nawa ruwa yake yi a jarka? Matan gida ne. Saurayi baƙo kuwa iyakarsa zaure, ko da mai unguwa ya ba da izini. Idan ya tambayi maigida a ƙofar gida, amsar da zai samu ta fita kunya ce. Ke nan awa 83 ɗin nan a kan mata biyun za su sauka, su kuwa gaba ɗaya awanninsu bayan zaftarewa ba su wuce 73 ba, kuma su ne ake sa ran za su yi rubutu da lissafi. Wanda ya kawo shawarar, mai babur da iya magana, shi ne zai fi kowa rashin abin yi. Ga kuma yiwuwar sashen ya ƙi amincewa da aikin da babu gwaji a cikinsa. Wannan ita ce alama ta biyu: taken da sauƙinsa a baki ne, nauyinsa kuma ya faɗa kan waɗanda suka fi ƙarancin lokaci.

Saura na zogale. Abu ne sananne cewa garin ƙwayar zogale yana tattara lakar ruwa ta dunƙule ta kwanta. Matan karkara a Sudan sun daɗe suna tace ruwan kogin Nilu da shi. Gwajin kansa ba shi da sarƙaƙiya. A jera kofunan gwaji tara, kowanne da rabin lita na ruwa mai laka. Huɗu a sa musu zogale a ma'auni daban-daban, misali miligiram 50, 100, 150 da 200 a kowace lita. Huɗu a sa musu alif. Na tara a bar shi haka nan don a ga abin da zama kaɗai yake yi wa ruwan. A gauraya da sauri na kamar minti biyu, a ci gaba a hankali na minti 15 zuwa 20, a bar su su kwanta awa guda, sannan a auna dagulewar ruwan da kuma pH ɗinsa. Zagaye ɗaya kimanin awa uku. A maimaita sau uku don kada a dogara da sa'a, a yi wa ruwan wuri biyu, kududdufi da rafi. Zagaye shida ke nan, awo 54, awa 18 a ɗakin gwaji, a ƙara zagaye biyu na koyo. Jarka ɗaya mai lita 25 ta ishi ruwan kowane wuri.

Abin da ya sa wannan take ya dace da waɗannan mutane biyar shi ne yadda yake rabuwa. Ɗan ƙauye ya zo da busassun ƙwayoyin zogale da ruwan kududdufi ranar Lahadi, a yi gwaji Litinin da Talata. Mai shago ya ɗebo ruwan rafi a babur, ya sayo alif a kasuwa, ya ɗauki zirga-zirgar bugawa da ɗaurewa. Mai goyo ta ɓare ƙwayoyin ta daka ta tankaɗe a gida, ta rubuta babi na ɗaya da na biyu a lokacin da ya yi mata. Gwanin ɗakin gwaji ya jagoranci awo ya rubuta babi na uku, kuma a yammaci ɗaya zai iya koya wa sauran, ta yadda idan ba ya nan aikin ba zai tsaya ba. Gwanar lissafi ta shigar da awo a Excel ta zana jadawali don babi na huɗu. Babu gaɓar da take bukatar su biyar a lokaci guda.

Shi ma yana da nasa sharuɗɗan, kuma gara a san su tun yanzu. Zogale ya fi aiki a ruwan da ya dagule sosai, don haka idan zangon ya faɗo a rani, lokacin da ruwa ya kwanta ya yi garau, bambancin da za a gani kaɗan ne. Ruwan garin da aka jiƙa ba ya kwana, kullum sai an haɗa sabo. Dole a samu sikeli mai auna miligiram da na'urar auna dagulewa mai aiki. Idan babu ita akwai dogon bututun nan mai alama a gindi, amma ba ya karanta ƙasa da NTU 5, wanda shi ne iyakar da ake so ruwan sha kada ya wuce. Sannan ruwan da ya yi garau ba lallai ne ya rabu da ƙwayoyin cuta ba, saboda haka taken kada ya yi alƙawarin “tsarkake ruwan sha”. Ya tsaya a kan kwantar da laka, ya faɗi ruwan wurare biyun da za a gwada. Taken da ya faɗi abin da za a auna, da inda za a auna shi, ya fi wuyar kumbura a hannu daga baya.

Inda sha'awa take shigowa

Ba a cewa a yi watsi da abin da mutane suke so. Wanda aka tilasta wa taken da ba ya ƙauna ba ya faɗa; wayarsa ce kawai za ta fara shiga ba a ɗauka. Sha'awa tana da wuri biyu: ita ke kawo takardun farko kan tebur, ita ce kuma ke raba gardama tsakanin waɗanda suka tsallake lissafi. A misalinmu taken tambayoyi ya fita. Na rijiyoyi ana iya rage shi zuwa rijiya 8, kwalba 120, zagaye biyu, ya shiga cikin awannin gwanin da sauran sarari. Sai ya zama zaɓi tsakanin biyu.

A nan ne ɗaga hannu yake yaudara. A zaman da akwai babba da yaro, mace da namiji, mai baki da mai kawaici, da zarar wanda ake ganin ya fi sani ya yi magana sai a ji, “Yaya, duk abin da ka zaɓa ya yi.” Mai goyo ba za ta so a ce ita ce ta hana ruwa gudu ba, sai ta yi shiru. Maganin wannan shi ne kowa ya rubuta a ɓoye, ya ba kowane take maki daga sifili zuwa uku. Uku na nufin ina so ƙwarai, biyu zan yi da daɗin rai, ɗaya zan yi don dole, sifili kuwa ba zan iya ba, kuma duk wanda ya ba da sifili sai ya rubuta dalili.

A ce aka buɗe takardu, taken rijiyoyi ya samu 3, 3, 3, 2 da 0, jimla 11, na zogale kuma kowa ya ba shi 2, jimla 10. Wanda ya bi jimla zai ce rijiyoyi sun ci. Amma sifilin nan yana ɗauke da dalili: mai goyo ta rubuta cewa ba za ta iya zuwa ɗibar ruwa da sassafe ba, ba kuma za ta iya dawowa dubawa a awar da aka ƙayyade ba, don haka za ta gama makaranta ba ta taɓa aikin da hannunta ba. Taken da bai burge kowa sosai ba amma kowa yana da gurbi a cikinsa ya fi wanda ya faranta wa huɗu ya bar ɗaya a waje. A duba maki mafi ƙanƙanta kafin a duba jimla.

Wanda takensa ya faɗi kuma ba a barinsa hannu rabbana. A raba aikin gida biyu a rubuce: jigon da dole a gama, da ƙarin da za a yi idan lokaci ya bari. Jigon shi ne awo 54 ɗin nan. Ƙarin kuwa na gwanin ɗakin gwaji ne: idan an kammala jigon kafin ƙarshen mako na shida, ya auna ƙwayoyin cuta a samfuri uku, ɗanyen ruwa da wanda zogale ya kwantar da wanda alif ya kwantar. Kwalba 45 ne, zagaye ɗaya. Idan ya yiwu, aikin ya ƙara daraja, shi kuma ya samu abin nunawa idan ya je neman aiki ko babbar difloma. Idan bai yiwu ba, babu abin da ya rushe.

Akwai wata yarjejeniya da take yawan shigowa a daidai wannan gaɓa, wadda ya kamata a ƙi ta tun da wuri. Mai ƙarancin lokaci ya ce, “Ni ku bar mini kuɗin buga aiki da na sinadarai, ku ku yi sauran.” A ranar kare aiki malamai ba sa tambayar wanda ya biya. Suna iya nuna kowa su ce ya bayyana dalilin da ya sa aka bar kofi na tara babu komai a ciki, ko me ya sa alif ya sauke pH zogale bai taɓa shi sosai ba. Kuɗi a raba shi daidai ko yadda aka yi ittifaƙi, amma kowa ya tsaya a zagayen gwaji ɗaya aƙalla daga farko har ƙarshe.

Mako ɗaya kafin a sa hannu

Sauran kuskuren da ake yi shi ne a ruga a rubuta babi na ɗaya da na biyu, a kwashe wata guda ana tattara abin da wasu suka rubuta, sai a mako na bakwai a shiga ɗakin gwaji a tarar na'urar da aka dogara da ita ta shekara ba ta aiki. Kafin a kai wa malam take, a ware mako ɗaya a taɓa kowane abu da aikin ya dogara da shi wanda ba a hannun rukunin yake ba. A je wurin ma'aikacin ɗakin gwaji, domin shi ya san abin da ke aiki da abin da ke cikin kwali kawai. Kada a tsaya a “akwai na'urar?” A roƙe shi ya kunna ta a auna ruwan famfo a gani, a tambaye shi ranakun da ɗakin yake da sarari da rukuni nawa ne za su yi layi a kanta. A ɗebo ruwan kududdufin a yi kofi biyu na gwaji, ɗaya da zogale ɗaya babu. Idan bayan awa guda ido bai ga bambanci ba, gara a sani yanzu.

Wurin malam kuma a je da shafi ɗaya maimakon jerin take uku tsirara. A rubuta tambayar binciken a jimla ɗaya, da abin da za a auna da sau nawa, da kayan da aka tabbatar akwai, da sunan kowa da gaɓarsa da makon da zai miƙa. Malamai sukan so faɗaɗa aiki, ya ce a ƙara ruwan wuri biyu ko a haɗa da wani tsiro. Rukunin da ya yi lissafinsa zai iya amsawa cikin ladabi: “Malam, kowane wuri da aka ƙara awa tara ne a ɗakin gwaji, kuma Litinin da Talata kawai aka ba mu. Idan ka yarda mu sa shi a cikin ƙari.” Da wuya malami ya ƙi maganar da ta zo da lamba. Sauran take biyun da za a haɗa a miƙa su ma su kasance waɗanda za a iya yi, domin babu tabbacin wanda aka sa a sama shi za a zaɓa.

Bayan an fara, mako na uku shi ne na duba gaskiya. Idan zuwa lokacin babu awo ko ɗaya a littafin rukuni, ko an yi zama biyu a jere ana jiran mutum ɗaya, ko aka tambayi 'yan rukunin ɗaya bayan ɗaya me ake bincikawa aka samu amsa iri uku, to taken ya fi ƙarfinsu ko bai rabu daidai ba. A wannan lokaci gyara yana da araha: a jefar da ƙarin, a rage wuraren ɗibar ruwa daga biyu zuwa ɗaya, a sauya wa wani gaɓa, a sanar da malam. Wanda ya jira har mako na takwas ba shi da wannan damar, kuma a nan ne ake fara jin shawarar a je shagon buga takardu a sayi aikin da wasu suka yi bara a sauya sunaye. Rukunin da ya rage aikinsa a mako na uku zai shiga ɗakin kare aiki da awo 27 maimakon 54, amma nasa ne, kuma kowane ɗaya daga cikin su biyar zai iya faɗin yadda aka same su.